Darasi: Gano farashin asali bayan an yi ragi

Wanda yake zirga-zirga a Legas ya saba ganin takarda manne a jikin kaya a manyan shaguna, ko a Ikeja ko a cikin Eko, an rubuta 20% OFF, sannan a ƙasa an sa kuɗin da za a biya. Ma'anar rubutun ita ce an rage kashi 20 cikin 100. Sau da yawa ba a rubuta tsohon farashin, shi ne za mu koyi ganowa yau.

Wani ɗalibinmu mai sayar da shayi a Agege ya sayi waya naira 36,000 a shagon da ya yi ragin kashi 20. Da ya zo aji sai ya ce, "Malam, ai na lissafa. Kashi 20 na 36,000 shi ne 7,200. In na haɗa su, da can kuɗinta 43,200 ne."

Mutane da yawa haka suke yi, kuma kuskure ne. Mu gwada amsarsa mu gani. In da gaske 43,200 ne farashin farko, kashi 20 nasa zai zama 8,640. A ɗebe shi, saura 34,560. To amma 36,000 ya biya, ka ga lissafin bai koma inda ya fito ba. Dalili kuwa, mai shago daga tsohon farashi ya yanke ragin, wato daga babban kuɗi, shi kuma ɗalibinmu ya auna kashi 20 ɗin a jikin ƙaramin kuɗin da ya saura. Kashi 20 na babban abu ya fi kashi 20 na ƙarami yawa.

Ga yadda za a bi. Ku tuna mai tumatir a kasuwar Mile 12, yadda yake kasa kayansa kashi-kashi daidai wa daida. Mu ɗauka an kasa tsohon farashin wayar nan kashi 100. Mai shago ya yafe kashi 20, saura kashi 80. Ke nan naira 36,000 da aka biya kuɗin kashi 80 ne. Wannan ita ce gaɓar da ya kamata ta zauna a kai sosai, domin duk sauran aikin a kanta ya dogara: kuɗin da ka biya shi ne kason da ya saura bayan ragi.

Yanzu sai mu nemi kuɗin kashi ɗaya, mu raba abin da aka biya gida 80:

36,000 ÷ 80 = 450

Tunda kashi ɗaya naira 450 ne, kashi 100 zai zama:

450 × 100 = 45,000

Farashin asali naira 45,000 ne. Kada a tashi sai an tabbatar. Kashi 20 shi ne 450 sau 20, wato 9,000. A ɗebe 9,000 daga 45,000, saura 36,000 cif. Ashe rangwamen da ɗalibinmu ya samu 9,000 ne, ya fi abin da ya zata da naira 1,800.

In ana amfani da kalkuletar waya, fara ɗebe ragin daga 100 da ka, sannan a danna rabawar, a ninka amsar sau 100. A kula, da kason da ya saura ake rabawa. Wanda ya raba da 20 maimakon 80 zai ga 180,000, kuma girman amsar kaɗai ya isa ya nuna masa an yi ɓatan hanya.

Wani lokaci amsa ba ta fita sumul. Takalmi a kan 16,999 da ragin kashi 15: saura kashi 85, kalkuleta za ta ba ka kusan 19,999. Wannan 20,000 ne, 'yan shago ne ke son rage naira ɗaya don kuɗin ya yi daɗin gani. Haka kuma in akwai kuɗin dako ko harajin kaya da aka rubuta daban a rasit, a cire su tukuna, domin ragin bai shafe su ba.

Akwai kuma abin da lissafin nan ba zai iya yi maka ba. Yana nuna farashin da mai shago yake iƙirarin shi ne na da, amma ba ya tabbatar da cewa an taɓa sayar da kayan a haka. In ka samu 45,000, ka leƙa shago biyu ko uku a layin. Idan suna sayar da irin wayar 37,000 ba tare da wani ragi ba, to naira dubu ɗaya kawai aka rage maka.

Aikin gida

1. An sayar da fanka naira 27,000 bayan ragin kashi 10. Nawa ne farashinta na asali?

2. Wata ta sayi turmin atamfa a kasuwar Balogun naira 14,000, an ce mata an rage kashi 30. Nemo tsohon farashin, sannan a tabbatar da amsar ta hanyar ɗebe ragin.