Yadda ake rubuta wa mai inshora takardar ƙin biyan diyya ya gane dalili, ya san ƙofar da zai buga

Na shafe shekaru a teburin biyan diyya a nan Sakkwato, kuma yaran da aka kawo mini in koya musu aiki kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe. Hukuncin da suka yanke kan fayil yakan yi daidai. Takardar ce ke lalacewa. Sai su ɗauko tsohuwar wasiƙa daga kwamfuta, su sauya suna da lamba, su bar jimla ɗaya da ke cewa asarar "ba ta cikin sharuɗɗan yarjejeniya", su kai wa manaja ya sa hannu. Bayan kwana biyu mutumin yana tsaye a ofis da takardar a hannu yana cewa, "Sun ce ba su biya, amma ba su ce don mi ba."

Ba zan tsaya kan kwanan wata da lambar fayil ba, wanda ke wannan aiki ya san su. Zan ɗauki fayil ɗaya in bi shi.

Wani Alhaji mai sayar da sukari da fulawa yana da sito. Ya yi inshorar gobara a kan kayan. Cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa, magudanar bayan sito ta cika, ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa sahun buhunan ƙasa. Ya nemi diyyar naira miliyan 4. Mai ƙiyasta asara ya je ya gani, ya tabbatar da ɓarnar. Amma yarjejeniyarsa ta gobara ce zalla: wuta, da tsawa, da fashewar gas na amfanin gida. Ambaliya tana cikin haɗurran da ake ƙarawa daban a biya musu ƙarin kuɗi, shi kuma bai ƙara ba.

Mataki na farko: ka san wa zai karanta

Takardar hukuma da Turanci take fita, amma Alhaji ba shi zai karanta ta ba. Ɗansa ne ko yaron shago zai karanta ya fassara masa a tsaye, a gaban maƙwabta. Duk jimlar da yaron ya kasa juyawa zuwa Hausa, zai taƙaita ta da "sun dai ƙi". Saboda haka kafin ka rubuta Turancin, faɗi dalilin da Hausa da bakinka. In ya ƙi faɗuwa cikin jimla uku, kai ma ba ka gama fahimtar fayil ɗin ba, koma ka sake karantawa. Ni a wurina doka ce a liƙa fassarar Hausa a bayan ta Turanci, tare da layin da ke cewa in an sami saɓani ta Turancin ce ake komawa gare ta. Takarda ɗaya ce ƙari, ba ta cin komai in aka kwatanta da zirga-zirgar da take hanawa.

Mataki na biyu: hukunci a sama

Bayan gaisuwa da jaje na layi ɗaya, faɗi hukuncin. Sababbin ma'aikata suna jin nauyin wannan, sai su cika shafi da godiya da tarihin fayil, ƙin biyan ya ɓuya a can ƙasa. Alhaji yana jin godiya da "mun duba buƙatarka da kyau" zai ɗauka kuɗi na tafe, in ya iso ƙasa kuma zafin ya ninka. Rubuta haka: "Muna jajanta maka asarar da ta same ka, Allah ya mayar da alheri. Mun kammala duba neman diyyarka na naira miliyan 4, kuma kamfani ba zai biya ba. Ga dalili, ga kuma abin da za ka iya yi in ba ka gamsu ba."

Mataki na uku: dalilin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na taɓa ganin fayil mai sauƙi ya zama rigima ta watanni. Dalili igiya ce mai ƙulli uku. Ƙulli na farko abin da ya faru, kamar yadda kamfani ya yarda ya faru. Na biyu abin da yarjejeniya ta ce, da lambar shafi da sakin layi, an kwafo shi yadda yake. Na uku yadda na farkon ya gamu da na biyun. Kusan kowa yana kawo na biyu, wasu suna kawo na farko, na ukun ne ake tsallakewa domin a idon ma'aikaci a bayyane yake. A idon mai sito kuwa ba a bayyane yake ba, shi dai ya san ya biya inshora kuma kayansa sun lalace.

Ga yadda zan rubuta wa Alhaji: "Rahoton mai ƙiyasta asara ya nuna ruwan sama ne ya cika magudana ya shigo sito, kuma ba mu da ja kan cewa kayan sun lalace. Yarjejeniyarka, a shafi kaza, ta lissafa haɗurra uku da muka ɗauki nauyi: wuta, tsawa da fashewar gas. Ambaliya tana shiga ne idan an ƙara ta a rubuce an kuma biya kuɗinta, kuma a jadawalin yarjejeniyarka ba a ƙara ta ba. Tun da ruwa ne ya jawo asarar, ba ta faɗa cikin abin da aka yi wa inshora ba."

Kula da wannan guntun, "ba mu da ja kan cewa kayan sun lalace". Kada ka bar shi. Ɗan kasuwa a garin nan yana iya haƙura da kuɗi, amma ba ya haƙura da a ɗauke shi maƙaryaci, kuma takardar da ba ta faɗi haka ba ana karanta ta kamar tuhuma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara dalilai. A fayil irin wannan sabon ma'aikaci zai hango cewa tukunyar kashe gobara da ke sito ta wuce lokacin sabuntawa, zai kuma ga an makara wajen sanar da kamfani, sai ya jera su duka uku don takardar ta yi ƙarfi. Rauni yake ƙara mata. Mece ce alaƙar tukunyar kashe wuta da ruwan da ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa? Tsohuwar Dokar Inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, a sashe na 55, ta fayyace cewa saɓa wani sharaɗi ba ya ba kamfani hujjar ƙin biya sai in sharaɗin yana da nauyi kuma ya shafi haɗarin ko asarar. Wanda zai duba ƙorafi daga baya, da zarar ya ga dalili ɗaya na banza, zai fara zargin sauran. Shi kuma Alhaji zai kama mafi sauƙin rushewa, ya je ya kawo rasit ɗin sabunta tukunya, ya zauna jiran kuɗin da ba za su zo ba.

Maganar makara daban ce. In da gaske kamfani zai dogara da ita, a faɗe ta yanzu a sakin layinta, da ranar da abin ya faru, da ranar da aka sanar, da wa'adin da yarjejeniya ta gindaya. Kada a ɓoye ta a aljihu sai mutum ya rushe dalilin farko a fito da ita. In kuwa ba za a dogara da ita ba, a cire.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: faɗa masa abin da zai iya sauya hukuncin. Sau da yawa mutum zai ce, "Ai na gaya wa wakilinku ina son har da ruwa." To, rubuta masa: "Idan kana da takardar ƙarin ambaliya, ko rasit ɗin ƙarin kuɗin da ka biya dominta, ko wani saƙo a rubuce tsakaninka da wakili ko dillali, kawo mana, za mu sake buɗe fayil." Wasu manajoji ba sa son wannan layi, suna ganin an ba abokin gaba makami. Ni ban yarda ba. In takardar tana nan, haƙƙinsa ne a biya shi. In babu, ya gane da kansa inda gizo ke saƙar.

Mataki na huɗu: ƙofofin ƙorafi

"Kana iya tuntuɓarmu" ba hanya ba ce. A jera ƙofofin bi da bi, kowace da adireshinta. Ta farko sashen sauraron ƙorafi na kamfanin kansa, da lambar waya da imel, da bayanin cewa wanda zai sake dubawa ba shi ne ya sa hannu a wannan takardar ba, da kwanakin da zai jira amsa. Kada ka rubuta kwanakin da ka san ofis ba ya cikawa. Ta biyu hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, mai hedikwata a Abuja, wadda ke da sashen karɓar ƙorafin masu inshora. Kwafo adireshin daga shafin hukumar a ranar da kake rubutu, kada ka ɗauko na tsohuwar wasiƙa. Gaya masa ya haɗa kwafin yarjejeniya, rasit, wannan takarda da amsar sashen ƙorafi, ya riƙe na asali a hannunsa. Ta uku kotu. Yarjejeniyoyin gobara da yawa suna ɗauke da sharaɗin wa'adin shigar da ƙara bayan an ƙi biya, in akwai shi a tasa ka kwafo shi ka ja masa layi.

In takaful ne, wato inshorar Musulunci, kalmomin su bi tsarin: gudummawa ya bayar, daga asusun mahalarta ake biya. Kamfanonin takaful suna da majalisar malamai masu ba da shawara kan shari'a, sai ka nuna masa yadda zai miƙa tambaya gare su idan kokensa na shari'a ne.

Sauran a taƙaice. Kada takardar ta kwana a tebur: dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya bayyana ƙin biya da dalilinsa a rubuce, an kuma maye gurbinta da sabuwar dokar inshora a 2025, don haka tabbatar da wa'adin da ke aiki yanzu wajen lauyan kamfani. Ba wa wani da bai san fayil ɗin ba ya karanta, ka tambaye shi abu biyu, don me aka ƙi, kuma ina za a je. In ya yi gargada, gyara. Kira Alhaji a waya kafin takardar ta isa, ka aika wa dillalinsa kwafi, sannan a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata.