Yadda na shawo kan kwamitin masallacinmu a Gombe suka saya mana ma'ajiyar karatu

Tafsirin azumi da karatun mako duk a wayoyi da ƙananan memori muke tara su, idan wuri ya cika sai a goge na baya. Wasiƙata ta farko roƙo ce kawai, kwamiti suka ajiye ta a gefe.

A ta biyu sai na kawo lissafi. Na rubuta: "Ranku ya daɗe, sautin awa ɗaya a MP3 na 128 kbps yana cin kusan 58 MB, bidiyon awa ɗaya kuwa yakan haura 1 GB. Bidiyon tafsirin kwana 30, awa biyu kullum, ya kai 60 GB ko fiye." Na nemi ma'ajiyar hard disk guda biyu masu 2 TB, ɗaya a ofishin masallaci, ɗaya a gidan Liman, domin guda ɗaya in ya faɗi ƙasa ko ya fara ƙaras-ƙaras, shi ke nan.

Ma'aji, wanda ba ya sakin kuɗi da wasa, ya tambayi dalilin biyun. Na nuna masa wani memori da ya daina buɗewa, da tafsirin Suratul Kahfi na bara a ciki. Ranar Juma'a aka amince.