Yadda ake bin sawun renin, anjiyotensin da aldosteron don gane hawan jinin da ke tafe da ƙarancin fotashiyam

Idan aka ga mutum yana da hawan jini, kuma fotashiyam ɗin jikinsa, wato sinadarin da tsoka da zuciya ke buƙata don yin aiki, ya yi ƙasa, galibi sai a ɗauke su a matsayin matsaloli biyu daban, a ba shi maganin wannan, a ba shi ƙwayar wancan. Sau da yawa kuwa tushensu ɗaya ne. Hanyar ganewa ita ce a bi tsarin daki-daki, tun daga ƙoda, a zaga, a dawo ƙoda.

Mataki na farko, fara da ƙoda, domin ita ke kada ƙararrawa. A bakin kowace ƙaramar matata da ke cikinta akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke lura da jinin da ke shigowa. Abu uku ke sa su saki sinadarin renin: matsin jini ya faɗi a 'yar jijiyar da ke kawo jini matatar, ko gishirin da ke wucewa ta bututun ƙoda ya ragu, ko saƙo ya zo daga jijiyoyin da ke zaburar da jiki lokacin firgita. Wanda ya zubar da jini, ko gudawa ta tsotse masa ruwa, duka ukun na iya haɗuwa a kansa.

Mataki na biyu, bi renin cikin jini. Shi kansa ba ya matse jijiya, aikinsa yanka ne kamar almakashi. Hanta na zuba wani babban furotin mai suna anjiyotensinojin a cikin jini kullum, renin ya yanko masa guntu mai sassa 10, wato anjiyotensin na ɗaya. Wannan ma ba shi da wani ƙarfi sai ya haɗu da sinadarin ACE, wanda ya fi yawa a jijiyoyin huhu. ACE ya datse sassa 2, saura 8, shi ne anjiyotensin na biyu. Nan take yake tsuke ƙananan jijiyoyi, matsin jini ya tashi, ya jawo ƙishirwa, sannan ya aika saƙo zuwa adirenal.

Mataki na uku, tsaya a adirenal, domin a nan labarin fotashiyam yake shigowa. 'Yar tsoka ce mai samar da sinadarai, guda ɗaya a saman kowace ƙoda kamar hula. Tsakiyarta ke yin adirenalin, ɓawonta kuma hawa uku ne, kuma na can waje, siririn nan, shi kaɗai ke yin aldosteron. Abin da ya kamata a riƙe da kyau shi ne, wannan ɓawon iyayen gida biyu yake saurara. Ɗaya anjiyotensin na biyu, ɗayan kuma fotashiyam ɗin cikin jini. Da fotashiyam ya ɗan ɗaga, ko renin bai motsa ba, adirenal za ta ƙara aldosteron. Idan ya faɗi, sai ta rage.

Mataki na huɗu, koma ƙoda tare da aldosteron. A ƙarshen bututun da fitsari ke bi, yana ƙara buɗe ƙofofin da ke maido da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, zuwa cikin jiki, ruwa kuma ya bi sodiyam, jini ya ƙaru. Amma musaya ce: yayin da sodiyam ke shiga, fotashiyam fita yake yi zuwa fitsari. Da jini ya cika, matsi ya dawo daidai, sai ƙoda ta rage renin, komai ya lafa. Wannan birkin shi ne mabuɗin karanta sakamakon gwaji. A jiki mai lafiya renin da aldosteron tare suke hawa, tare suke sauka, muddin fotashiyam bai sauya ba.

Yanzu mu gwada. A ɗauka mace ce mai shekara 42, awon jininta 168/104 duk da tana shan magunguna uku. Tana kukan kasala, ƙafafunta na ɗaurewa da dare, tana yawan tashi fitsari. Fotashiyam ɗinta 3.0 mmol/L, alhali daidai shi ne tsakanin 3.5 da 5.0. Tambayar farko: ko tana shan maganin sa fitsari, ko tana amai ko gudawa? Waɗannan ma suna zubar da fotashiyam. Ta ce a'a.

Kafin a auna aldosteron, sai an fara ɗaga fotashiyam ɗinta zuwa wajen 4.0. Dalilin yana mataki na uku: ƙarancin fotashiyam na danne aldosteron, sai gwaji ya nuna kamar lafiya lau. Bayan nan a ɗebi jini da safe, a auna biyun a lokaci guda. A ce aldosteron ya fito 25 ng/dL, aikin renin kuma 0.4 ng/mL/h. Raba 25 da 0.4, za ka samu kusan 62, kuma da waɗannan ma'aunai abin da ya haura 30 abin tuhuma ne. Ka duba abin da lambobin ke faɗa. Renin yana ƙasa, wato ƙoda ta riga ta taka birki, tana cewa jini ya isa. Aldosteron kuwa bai saurara ba. Ke nan adirenal ce ke aikin gaban kanta. Wannan shi ne ciwon da likita Jerome Conn ya wallafa bayaninsa a 1955. Wani lokaci ƙaramin ƙari ne a adirenal guda, wani lokaci kuma duka biyun ne ke wuce gona da iri.

Da a ce renin da aldosteron duka sun hau, da ba adirenal za a tuhuma ba, umarni kawai take bi. Sai a duba ko jijiyar da ke kai jini ƙoda ta tsuke, har ƙodar ta zaci jinin jiki ne ya ragu. Idan kuma renin ya hau, aldosteron ya faɗi, fotashiyam ya yi yawa, matsin jini ya yi ƙasa, to adirenal ce ta gaza, kamar a ciwon Addison.

Magungunan hawan jini na iya ruɗar da lissafin nan. Irin su atenolol na danne renin, sai rabon ya kumbura ba gaira ba dalili. Lisinofiril da losatan na ɗaga renin, sai su ɓoye ciwon. Sifironolakton, mai toshe wurin da aldosteron ke kamawa, yawanci akan dakatar da shi aƙalla mako 4 kafin gwaji. Likita ne kaɗai zai sauya su. Kada mai hawan jini ya ajiye maganinsa da kansa.

Gwajin rabon nan tacewa ce kawai. Ɗaya daga cikin hanyoyin tabbatarwa ita ce ƙarin ruwan gishiri lita 2 ta jijiya cikin awa 4. Adirenal mai lafiya za ta sauke aldosteron, mai ciwo ba za ta sauke ba. Daga nan sai hoton ciki, da ɗibar jini daga jijiyar kowace adirenal don a san ɓangaren da ke da laifi. Idan guda ce, akan cire ta da tiyata. Idan biyu ne, sai a koma ga sifironolakton, ana auna fotashiyam a kai a kai, domin yanzu haɗarin ya juya zuwa yawansa, musamman ga mai raunin ƙoda.

Abin da ya fi damuna shi ne jiran sai fotashiyam ya faɗi kafin a yi tunanin wannan ciwo. Yawancin masu shi fotashiyam ɗinsu daidai yake, alhali aldosteron na ci gaba da illata zuciya da jijiyoyi. Duk wanda hawan jininsa ya ƙi jin magunguna uku, har da na sa fitsari, ya cancanci a auna masa renin da aldosteron, ko da fotashiyam ɗinsa 4.0 ne.