Yadda ake sa sandar shakka a jadawali kuma a fahimce ka

Yaran da nake koya wa aiki a nan Damagaram wuri ɗaya suke faɗuwa kullum, su danna `Barres d'erreur` a Excel, 'yan sandunan da ke nuna iyakar shakkar kowace lamba su fito bisa jadawalin, su ce an gama. To waɗannan sandunan ba naka ba ne, daga lambobin da ke kan jadawalin Excel ya lissafo su, bai duba ainihin amsoshin da ka tattaro ba. Ni ma na taɓa kai irin sa wurin taro, aka tambaye ni ma'anar sandar na yi tsuru-tsuru.

Mu yi misali. A ce ka tambayi masu hatsi 25 a kasuwar Dole kuɗin tiya, matsakaici ya fito sefa 800, warwatsuwar farashin tsakaninsu kuma, wadda Excel ke lissafawa da `ECARTYPE.STANDARD`, 100. Idan ka zana 700 zuwa 900, bambancin da ke tsakanin masu saidawa ka nuna, wani da tsada wani da sauƙi. Amma in tambayar ita ce yaya 800 ɗin nan ke da tabbas, lissafin daban ne, raba 100 da tushen 25, wato 5, ka samu 20, ka ninka biyu, 40 kenan. In farashin na gidajen B2 zuwa B26, ga lissafin a Excel:

```
=2*ECARTYPE.STANDARD(B2:B26)/RACINE(NB(B2:B26))
```

Sandarka ta tashi daga 760 zuwa 840, wannan shi ne tazarar amincewa ta wajen kashi 95 cikin ɗari. Ni ita kaɗai nake sawa in matsakaici ake magana. Ninkin biyun nan gajerar hanya ce fa, in mutanenka biyar ne kawai ya yi kaɗan, kusan 2,8 ake buƙata. Kuma in kana son sandar ta ragu rabi sai ka tambayi mutum 100, ba 50 ba, ka lissafa kuɗin kabu-kabu tun wuri. Sannan in duk daga layi ɗaya na kasuwar ka tambaya, sandar ba ta san da wannan ba, za ta fito gajera abinta.

Sauran da sauƙi, cikin zaɓin `Barres d'erreur` ka danna `Personnalisé`, ka nuna wa Excel gidan da 40 ɗin yake, sama da ƙasa, ka rubuta ƙarƙashin jadawalin abin da sandar ke nufi da yawan waɗanda aka tambaya.

Wajen bayani kar ka ce kuskure, mutane za su ɗauka aikin ne ya lalace. Da dala nake faɗa: Alhaji, ba kowa muka tambaya ba, mun samu tiya dala 160, da za mu sake zagayawa mu tambayi wasu zai iya motsawa kamar dala takwas sama ko ƙasa. In ya ga sandunan wata biyu sun ɗan shiga juna ya ce ashe farashi bai canja ba, sai in ce a'a Alhaji, shigar kaɗan ba ta yanke hukunci, bari in lissafa bambancin watannin biyu shi kaɗai in kawo maka gobe.