Yadda na gano dannan bogi a tallanmu

Kwana uku kasafin tallan Google Ads yana ƙarewa kafin azahar, ba ciniki ko ɗaya. Na zargi hoton tallan, na sauya shi, shiru. Shafin ma lafiya lau yake buɗewa.

Sai na shiga "Where ads showed", sashen Google Ads da ke nuna wuraren da tallan ya fito. Manhajojin wasa biyu sun cinye rabin kuɗin, CTR ɗinsu, wato kason masu danna tallan cikin waɗanda aka nuna wa, ya haura 8%, alhali sauran ba su kai 1% ba. A GA4, manhajar Google mai bibiyar maziyartan shafi, na ga masu shigowa ta nan kusan duk ficewa suke cikin daƙiƙa guda, har ƙarfe ukun dare. Nan na zargi dannan bogi ne.

Na jefa manhajojin biyu cikin "Placement exclusions", jerin wuraren da aka hana tallan fitowa, na cire rukunin manhajojin wasa gaba ɗaya, sannan na nemi Google ta binciki dannan. Alhamdulillahi, yanzu kasafin yana kaiwa dare.