Darasi: Gane Wuta-wuta a Gonar Dawa da Gero Tun Ba ta Yi Fure Ba

Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, tana fara ɓarna tun tana ƙarƙashin ƙasa. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, suna iya yin shekara fiye da 10 a cikin ƙasa, kuma ba sa tsirowa sai saiwar wasu shuke-shuke, kamar dawa, gero ko masara, ta zo kusa da su. Da zarar sun tsiro, sai su maƙale wa saiwar, su riƙa shan ruwa da abincin shukar har tsawon makonni kafin kansu ya ɓullo.

Saboda haka alamar farko a jikin dawar take. Wajen mako na 4 zuwa na 6 bayan shuka, manomi zai ga wani yanki na gona ya tsumbure, gaɓoɓin kara sun gajarce, ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa, yana nannaɗewa da rana kamar ana fari, alhali kuwa an yi ruwa jiya kuma ƙasa tana da laima. Yawanci abin yakan fi tsanani a inda ƙasa ta gaji, a jigawar da aka daɗe ana shuka hatsi babu hutu, babu taki.

Yunwar taki ma tana sa ganye ɗorawa, amma takan fara ne daga tsofaffin ganyen ƙasa, kuma idan aka zuba yuriya shukar takan farfaɗo sosai. Wadda wuta-wuta ta kama kuwa, farfaɗowarta kaɗan ce. Hanyar tabbatarwa ita ce a haƙo gindi ɗaya da fartanya tare da ƙasarsa, ba a fizge shi ba, domin fizga tana tsinke shaidar. A tsoma saiwar a bokitin ruwa, a girgiza a hankali. Idan an ga fararen tsirrai masu ɗan kauri manne da saiwar suna miƙewa sama, to ita ce.

Daga baya takan fito a gindin shuka, sau da yawa da dama a rami guda. Ganyenta siriri ne mai kaushi, idan aka shafa shi ana jin yana kartar yatsa, kuma idan aka murza karanta za a ji kusurwoyi huɗu. Bayan kamar mako 3 zuwa 4 sai ta fitar da fure mai launin shunayya da ya yi haske.

Kada a jira furen, domin gindi ɗaya yana zuba dubban iri. A tumɓuke ta da hannu, a fitar da ita daga gona a ƙone, saboda wadda ta riga ta yi fure tana iya ƙosar da irinta ko an yar da ita a kunya. A kafa turke a wurin, domin baɗi a shuka gyaɗa, waken soya ko auduga, waɗanda ke sa irinta ya tsiro ya mutu don bai sami saiwar da zai kama ba.