Yadda ake kama laifin I2C da lojik analaiza

Yawancin 'yan koyo da nake gani, da zarar sensa ta ƙi amsawa sai su duƙufa kan sauya lambobin shiri, alhali ba su taɓa ganin abin da ke tafiya a kan wayar ba. Mu ɗauki misali guda: allon Arduino da sensar MPU-6050, an haɗa su ta bas ɗin I2C mai layi biyu, SCL na bugun agogo da SDA na bayanai, shiru.

Da farko ka maƙala wayar GND ta analaizar da GND na allon, sannan SCL a tasha ta 0, SDA a ta 1. Wanda ya manta da GND zai ga tarkace, ya yi zaton bas ɗin ne ya lalace. Ƙaramar analaiza mai tasha 8 da gudun 24 MHz, irin mai arahar nan, ta ishe ka wannan aiki tare da PulseView, manhajar kwamfuta da ke nuna abin da analaizar ta ɗauka. Kada ka sayi babba tukuna.

Gudun ɗaukar samfuri ya ninka na bas ɗin aƙalla sau goma. Bas na 100 kHz ne? To 1 MHz shi ne mafi ƙaranci, amma ni 8 MHz nake sawa, domin daga baya za ka so auna faɗin bugu. Sa tiriga a kan faɗuwar SDA, ka danna Run, sannan ka sake tayar da allon.

Kafin ka kunna mai fassara, wato sashen PulseView da ke mayar da bugun zuwa lambobi, ka rubuta a takarda abin da ya kamata ka gani. Nan ne mutane ke tsallakewa, kuma nan ne aikin yake. Adireshin MPU-6050 shi ne 0x68 idan ƙafar AD0 tana ƙasa, rajistar WHO_AM_I, wadda ke riƙe da lambar shaidar sensar, kuma tana 0x75. Karatu mai lafiya zai fito haka:

```
Start, Address write: 68, ACK
Data write: 75, ACK
Start repeat, Address read: 68, ACK
Data read: 68, NACK, Stop
```

ACK na nufin an amsa, NACK kuwa ba a amsa ba, amma wancan NACK na ƙarshe ba laifi ba ne. Allon ne ke gaya wa sensa ya ƙoshi. Na sha ganin mutum ya kwana yana farautarsa.

Yanzu kunna mai fassarar I2C. A ce abin da ya fito shi ne `Address write: 50`, sai NACK, sai Stop. Kada ka yarda da mai fassara haka kawai, zuƙo hoton ka ƙirga da idonka. Farawa ita ce SDA ta faɗi yayin da SCL ke sama. Daga nan, duk inda SCL ta hau, karanta SDA: bit bakwai na adireshi, na takwas ya nuna rubutu ne ko karatu, a bugu na tara kuma allon yakan saki layin, sensa ce za ta ja shi ƙasa. Idan ya tsaya a sama, ba wanda ya amsa. A wannan misalin za ka ƙirga 10100000, wato 0xA0, wanda mai fassara ya nuna a matsayin 50 bayan ya cire bit na takwas, alhali 0xD0 ya kamata ya bi wayar.

Daga ina 0xA0 ya fito? Mai shirin ya ga 0xD0 a wani wuri, wanda shi ne 0x68 da aka riga aka gusar hagu da bit ɗaya, ya miƙa shi ga Wire, laburaren I2C na Arduino. Ita kuwa Wire adireshi mai bit bakwai take karɓa, ta gusar da kanta. An gusar sau biyu ke nan, bit na sama ya zube. Maganin layi ɗaya ne:

```
Wire.beginTransmission(0x68);
```

Ka kuma duba saitin mai fassarar, don yana iya nuna adireshin da bit bakwai, wato 68, ko a yadda yake a waya, wato D0. Idan 68 ne ke fita daidai amma NACK bai tafi ba, duba AD0, wataƙila sensar tana kan 0x69, ko kuma ba ta samun wuta.

Saura matsalar da ke aiki a 100 kHz ta birkice a 400 kHz. Auna tsawon zaman SCL a sama. Ƙa'idar I2C ta ce kada ya gaza nanosakan 600 a wannan gudu. Idan ya tsuke, zargi rizistocin da ke jan layin sama. Lokacin hawa kusan 0.85 × R × C ne, don haka 4.7 kΩ a kan 200 pF zai ba da nanosakan 800 ko kusa da haka. A 100 kHz iyakar 1000 ce, ya wuce lafiya. A 400 kHz kuwa 300 ce. Sa 1.5 kΩ, ya sauko wajen 255. Sai dai analaiza sama da ƙasa kawai take gani, ba ta nuna gangaren hawan, don haka tabbatar da wannan sai da osiloskof.